Hantsi Ke Yanke Lokacin Barcin Dare

 

Duk wanda barci ke yi wa gardama, da dare yake neman maganinsa. Wani ya haɗa shayin ganye, wani ya yi wanka da ruwan ɗumi, wani kuma ya wuce kemis ya karɓi ƙwayar mura mai sa maye, ya mai da ita abokiyar kwana. Abin da na zo in faɗa muku yau shi ne, ga mutane da yawa, lokacin da barci zai zo da dare tun da safe ake yanke shi, kuma ta ido ake yankewa. Zan yi bayanin yadda hakan ke faruwa, sannan mu ɗauki saurayi guda mu bi lissafinsa daki-daki, don a wurin lissafin ne yawanci ake yin kuskure.

Mu fara da agogon da ke cikin jiki. A shekarar 1962 wani matashi Bafaranshe mai nazarin duwatsu, Michel Siffre, ya shiga wani kogo mai sanyi a tsaunukan Alps, ya zauna wata biyu babu rana, babu agogo, babu kalanda. In ya ji barci ya kwanta, in ya farka ya ci abinci, yana sanar da abokansa da ke bakin kogon ta waya, su kuma suna rubuta lokaci ba tare da sun gaya masa ba. Da aka sanar da shi cewa gwajin ya ƙare ranar 14 ga Satumba, shi a lissafinsa 20 ga Agusta ake. Hankalinsa ya ɓatar da kwanaki, amma jikinsa bai rikice ba. Barcinsa da farkawarsa sun ci gaba da zagayowa bisa tsari, sai dai kowace rana takan ɗan zarce awa 24, wajen rabin awa.

Daga baya an auna abin da kyau. A 1999 Charles Czeisler da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nuna cewa, in an raba mutum da duk wata alamar lokaci, tsawon ranar jikinsa a matsakaici awa 24 ne da minti 11 ko kusa da haka. Wasu nasu ya fi haka tsawo, wasu kaɗan nasu bai kai awa 24 ba. Minti 11 ba ya da yawa a kunne, amma ku lissafa: a mako guda ya wuce awa ɗaya, a wata guda ya kai awa biyar da rabi. Kamar agogon hannu ne mai ja da baya kaɗan kullum, wanda in mai shi bai daidaita shi da labarun rediyo kowace safiya ba, wata rana zai je sallar Juma'a ya tarar an watse. Ku lura da ɓangaren da abin ke karkata. Jikin yawancinmu, in an ƙyale shi, jinkiri yake yi: yau barci ya zo ƙarfe 11, gata 11 da rabi, har a wayi gari ƙarfe 2 na dare ido biyu. Shi ya sa tsayawa hira har tsakar dare ke da sauƙi, sammako kuma ke da wuya.

Agogon nan ba almara ba ce, yana da mazauni. Wani ɗan curi ne na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanun biyu suka gitta juna, kuma tun 1972 aka tabbatar da aikinsa a jikin ɓeraye. Shi ke tsara lokacin da zafin jiki zai hau da lokacin da zai sauka, lokacin da hanji zai nemi abinci, da lokacin da za a saki sinadaran da ke shirya jiki ga kwanciya. Yana zaune cikin duhun ƙoƙon kai, bai san gari ya waye ba sai ido ya gaya masa.

Yadda ido ke gaya masa ɗin ma abin sani ne. A can bayan ido akwai tantanin da haske ke sauka a kai. Mun daɗe da sanin ƙwayoyin da ke cikinsa masu sa mu ga siffa da launi. A 2002 David Berson na Jami'ar Brown ya nuna cewa akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan na dabam, masu ɗauke da wani sinadari da ake kira melanofsin, waɗanda ba ruwansu da tantance fuskar mutum ko rubutun allo. Aikinsu auna yawan haske ne kawai, su aika da labari kai tsaye zuwa ga agogon. Sun fi jin haske mai ratsin shuɗi, irin wanda sararin sama ke zubowa. Kuma suna da nawa, ba sa zabura don walƙiya guda. Tara hasken suke yi minti bayan minti. Wanda ya leƙa taga ya ga gari ya waye ya saki labule, shi ya sani, amma agogonsa bai gamsu ba tukuna.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena tana wurin makafi. Waɗanda makantarsu ta kai ba sa jin haske ko kaɗan, fiye da rabinsu barcinsu yawo yake yi. Za su yi makonni suna barci da dare lafiya, sai abin ya zame a hankali har ya koma barcin rana da farkawar dare, sannan ya zagayo ya dawo. Suna jin kiran salla, suna cin abinci a kan lokaci, suna cikin jama'a, amma duk wannan bai isa ya riƙe agogon da yawansu ba. Abinci da motsa jiki suna da nasu tasiri, amma haske ne babba.

To wane irin haske? A nan ido kan yaudare mu, don yana da saurin sabawa. Ana auna hasken da ya sauka a wuri da ma'aunin da ake kira luks. Kyandir guda a tazarar mita ɗaya yana ba da luks 1. Farin wata daren sha huɗu, duk da yadda yara ke dandali a cikinsa, bai kai luks 1 ba. Falo mai ƙwan lantarki yakan kasance tsakanin 100 da 200, ofis mai haske sosai ya kai 500. Amma da ka fita tsakar gida, ko da hadari ya rufe sama, kana cikin 1,000 zuwa 10,000, in kuwa rana ta buɗe sosai abin kan kai 100,000. Wato mutumin da ke zaune a inuwar darbejiya da hantsi yana samun ninkin ba ninkin na wanda ke zaune a ofis mai fitilu goma, ko da shi na ofis ɗin yana jin wurinsa tas yake. A 1980 Alfred Lewy ya nuna cewa haske mai ƙarfin luks 2,500 yana dakatar da fitar sinadarin dare a jikin ɗan Adam, kuma daga nan ne likitoci suka fara ɗaukar haske a matsayin abin da ake aunawa kamar magani.

Wannan sinadarin dare shi ne melatonin. Wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke sakinsa bisa umarnin agogon. Ba ƙwayar barci ba ne mai kayar da mutum nan take, sanarwa ce ga dukkan jiki cewa dare ya shiga. Yakan fara fita awa biyu zuwa uku kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, wato kimanin awa 14 bayan lokacin da ya saba tashi. Da ya fara fita, jijiyoyin tafin hannu da na ƙafa su buɗe, zafi ya fita ta nan, cikin jiki ya fara hucewa, hamma ta biyo baya. Hasken safe ba shi ke ƙera melatonin na dare ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Abin da yake yi shi ne ya jawo agogon gaba, ta yadda umarnin sakin zai fito da wuri.

Akwai abu na biyu da ya kamata ku haɗa da wannan, in ba haka ba wani zai ce ai gajiya ce ke kawo barci. Gaskiya ne, tun daga lokacin da ka farka wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne bashin barci, yana ƙaruwa muddin kana ido biyu. Amma agogon yana riƙe da kai a farke duk yini, kuma ya fi riƙewa da ƙarfi a awa biyu ko uku na ƙarshe kafin melatonin ya fito. Wani masanin barci, Peretz Lavie, ya bayyana wannan tsakanin a 1986 a matsayin lokacin da barci ya fi wuyar samuwa a duk yinin. Shi ya sa za ka ga mutum ya yini yana layi da gajiya, amma da ya kwanta ƙarfe 10 sai idonsa ya bushe ƙamas. Bashin yana nan, ƙofar ce ba a buɗe ba. In agogonsa ya yi latti da awa uku, to ƙarfe 10 nasa daidai yake da bayan magariba na sauran mutane, kuma babu lafiyayyen da ke yin barcin dare a wannan lokaci.

An gwada abin a fili. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Colorado ya ɗauki mutum takwas, ya auna lokacin fitar melatonin ɗinsu a rayuwarsu ta gari, sannan ya kai su daji suka yi mako guda a tanti, babu tocila, babu waya, sai rana da wutar itace. Hasken da suka sha da rana ya ninka na gida kusan sau huɗu. Da suka dawo, agogonsu ya matso gaba da kimanin awa biyu, melatonin na fara fita wajen faɗuwar rana, kuma waɗanda aka sani da raba dare su suka fi matsowa. A 2017 suka sake gwadawa, suka ga ko kwana biyu na ƙarshen mako ya kawo kusan kashi biyu cikin uku na wannan sauyi. Mutanen kaɗan ne, amma sakamakon ya yi daidai da abin da aka gani a ɗakunan gwaji. Ni kuma da na karanta, abin da ya faɗo mini shi ne, sun je daji ne neman rayuwar da manomi a ƙauye ke yi kyauta: fita gona da sassafe, dawowa gida mai fitila guda.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Haske ba ya yin aiki iri ɗaya a kowane lokaci. Akwai wani lokaci a cikin barcin dare da zafin cikin jiki ke kaiwa ƙarshen saukarsa, yawanci awa biyu zuwa uku kafin lokacin da mutum zai farka da kansa in ba a tashe shi ba. Wannan ita ce mararrabar. Hasken da ya shiga ido a awannin da ke bayan mararrabar yana jawo agogo gaba, barci ya zo da wuri. Hasken da ya shiga a awannin da ke gabaninta yana tura agogo baya, barci ya ƙara latti. Agogon ba ya duba na bango. In haske ya zo masa kafin mararraba, ɗauka yake yi yamma ce ta daɗe ba ta ƙare ba, ko da a waje zakara ya yi cara tun ɗazu.

Ga wanda ke kwanciya ƙarfe 10 ya tashi sallar asuba wajen 5 da kwata, mararrabarsa na wajen ƙarfe 3 na dare. Duk hasken da zai samu daga hudowar rana zuwa walaha riba ce. A Kano rana na hudowa tsakanin ƙarfe 6 a watan Yuni zuwa kusan 7 saura minti goma a Janairu, sauyin bai kai awa guda ba a duk shekara, abin da mutanen arewacin Turai ke nema ba su samu ba, su da sai sun sayi fitilar musamman mai luks 10,000 a lokacin sanyi. A gefe guda kuma, Maiduguri na riga Sakkwato ganin rana da kimanin rabin awa duk da agogon bango ɗaya suke bi, don haka kowa ya bi ranar garinsu.

Mu ɗauki wanda nasa ya riga ya karkace. A ce saurayi ne ɗan shekara 20, an yi dogon hutu ko an fito daga azumi, ya saba da raya dare. Barci ba ya ɗaukarsa sai 2 da rabi. Ana tashinsa asuba da ƙyar, ya yi salla ya koma, in an ƙyale shi sai 10 da rabi zai farka. Tambayar farko da zan yi masa ke nan: ranar da ba ka da wurin zuwa, ƙarfe nawa kake tashi da kanka? Daga amsar nan muke cire awa biyu zuwa uku. Mararrabarsa tana tsakanin 7 da rabi da 8 da rabi na safe, mu ce ƙarfe 8.

Mahaifinsa ya ji lacca irin wannan, washegari ya tsaya a kansa 6 da rabi: "Tashi ka fita ka sha rana, likita ya ce ita ce maganinka." Yaro ya fita ya zauna a dakali rabin awa. Wannan hasken ya sauka ne awa ɗaya da rabi kafin mararrabarsa. A mafi kyau, hasken da zai biyo baya da hantsi ya goge tasirinsa, a tashi babu riba. A mafi muni, agogon ya ƙara yin baya. Ga shi ya yi barcin awa huɗu kacal, da azahar zai faɗi ya yi awa uku, bashin barcin ya biyu da rana, dare ya yi ido ya bushe. Bayan mako guda uba ya ce yaron nan ba ya jin magana, yaro ya ce maganin ƙarya ne. Dukansu da gaskiyarsu, lissafi ne bai fita ba.

Yadda ya kamata a yi shi ne a fara daga inda agogon yake. Ranar farko da ta biyu, ya tashi ƙarfe 10, cikin rabin awa da tashinsa ya kasance a waje, ya yi minti 30. Rana ta uku da ta huɗu, 9 da rabi. Ta biyar da ta shida, ƙarfe 9. Haka zai riƙa matsowa da rabin awa duk bayan kwana biyu, kuma mararrabar tana matsowa tare da shi, ta yadda kullum haskensa a bayanta yake sauka. Ranar sha uku ya kai ƙarfe 7. Agogon ɗan Adam ba ya yarda a jawo shi gaba da yawa a rana guda ko da a ɗakin gwaji, a gida kuwa rabin awa ma an yi ƙoƙari, shi ya sa na ba kowane mataki kwana biyu. In yana so ya kai ga barin barcin bayan asuba gaba ɗaya, sai ya ci gaba da takun nan har wani mako.

Sallar asuba fa, a cikin makonnin nan? Ya tashi ya yi sallarsa a kan lokaci. Abin da zai kiyaye kawai shi ne, asubar tasa tana gaban mararraba, don haka ya yi alwala da ƙaramar fitila, kada ya kunna farin ƙwan ɗaki, kada ya buɗe waya, ya dawo ya kwanta kafin gari ya yi haske, ya ja labule. In kuma makaranta ko aiki sun tilasta masa fita ƙarfe 7 tun kafin a gama gyaran, dabarar ita ce ya sa baƙin tabarau a hanya, ya cire shi bayan ƙarfe 8, ya nemi fita waje a hutun farko. Kowace rana biyu ya rage lokacin sa tabarau da rabin awa.

Lokacin kwanciya kuma ba a tilasta shi. Kada ya ce tunda ƙarfe 11 nake hari, bari in kwanta 11 tun yau. Zai faɗa cikin tsakanin nan da barci ke ƙin zuwa, ya yi awa uku yana juyi, har gado ya zama wurin fargaba. Ya kwanta in ya ji barci. Lokacin tashi shi ne a hannunsa, shi zai riƙe, na kwanciya zai biyo baya. Ƙailula in ta zama dole, minti 20 zuwa 30 bayan azahar, ban da bayan la'asar. Ranar Asabar da Lahadi kuma kada tashinsa ya zarce na sauran ranaku da fiye da awa guda, don barcin rama bashi har walaha kwana biyu a jere yana mayar da hannun agogo baya.

Ta yaya zai san abin na ci? Ya sami takarda ya riƙa rubuta abu biyu kawai: lokacin da ya ji barci na gaske ya fara fizgarsa, da lokacin da ya tashi. A kwana huɗu zuwa bakwai ya kamata ya ga na farkon ya fara matsowa. Alama mafi daɗi ita ce ranar da zai farka 'yan mintoci kafin ƙararrawa, kuma ya ji yunwa da safe, don mai agogon latti ba ya iya karin kumallo, cikinsa na cikin dare tukuna. In kuwa an yi mako guda barci na ƙara yin latti, to an yi gaggawa. Ya koma baya da awa guda ya sake tahowa a hankali.

Game da fitar kanta, minti 20 zuwa 30 sun wadatar ga mai riƙe agogonsa a daidai, ranar hadari ko hazo mai kauri a ƙara zuwa 40 ko fiye. Hazon hunturu yana rage haske, amma duk da haka waje ya fi ɗaki nesa ba kusa ba, kuma tsofaffinmu masu fitowa shan hantsi a jikin bango lokacin ɗari suna samun fiye da ɗumin da suka fito nema. Ba a kallon ƙwayar rana, wannan yana ƙona tantanin ido kuma wani lokaci ba ya warkewa. Ba a ma bukatar rana ta taɓa fata. Zancen bitamin da fata ke yi da rana wani zance ne dabam. Inuwa ta isa, muddin sararin sama na gaban idonka, wanda hakan ya fi dacewa da zafin bazara, ya kuma fi dacewa da zabiya da masu shan maganin da ke sa fata ƙin rana. Tabarau na ƙara gani ba ya hanawa, baƙi ne ke hanawa. Zama a ɗaki kusa da taga ya fi babu, amma taku biyu daga tagar hasken ya zube ƙasa warwas.

Iyayena mata da ke gidajen gargajiya masu buɗaɗɗen tsakar gida, ku kun riga kun samu: shara, wanke-wanke da hura wuta a fili su ne maganin. Waɗanda nake ji wa su ne na sababbin gidaje, inda aka rufe tsakar gida da kwano, kicin na ciki, tagogi da labule mai kauri saboda zafi da ƙura. Mace na iya yini uku a irin wannan gida idonta bai ga luks 300 ba, ta yi ta kukan rashin barci. Haka ɗan kasuwar da shagonsa ke can cikin lungu, da ma'aikacin da ke fita daga ɗaki zuwa mota mai baƙin gilashi zuwa ofis. Ba sai an ƙirƙiro sabon aiki ba. A fitar da abin da aka saba yi: karin kumallo, tilawa, tsintar shinkafa, raka yara makaranta da ƙafa.

Ba zan daɗe a kan dare ba, amma abin da safiya ta jawo, dare na iya turawa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2019 ya nuna cewa hasken da bai kai luks 30 ba yana iya rage melatonin da rabi a matsakaicin mutum, kuma bambancin da ke tsakanin mutane ya wuce ninki 50. Wannan ya amsa tambayar mai cewa, abokina na kwana da waya a hannu yana barci lafiya, ni me ya sa? Idonku ba ɗaya ba ne. Fararen ƙwayayen sola da muka cika gidaje da su suna da ratsin shuɗi sosai. Daga bayan isha'i a rage su, a bar ƙarama guda mai ruwan ɗorawa, a aje ta ƙasa-ƙasa. Wani abin da ke taimakawa kuma, idon da ya ƙoshi da haske da rana ba ya razana da na dare kamar wanda ya yini a duhu. Shayi da goro da kofi kuwa, sinadarin da ke cikinsu yana toshe wurin da adenosin ke kamawa, kuma rabinsa na nan a jini bayan kimanin awa biyar. Goron la'asar yana nan tare da kai a kan katifa.

Saura waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce. Baba ko Inna da barci ke kwashewa tun magariba, su farka ƙarfe 2 ko 3 na dare su kasa komawa, su agogonsu gaba ya yi yawa. Hasken sassafe zai ƙara musu matsalar. Na la'asar sakaliya zuwa magariba suke bukata, da fitila mai haske har zuwa isha'i. In kuma akwai yanar ido, a duba ta, don tana tare shuɗin haske kafin ya isa ciki. Masu gadi, ma'aikatan jinya na dare da direbobin dogon zango da ke sauka aiki da safe za su kwanta, su sa baƙin tabarau a hanyar gida in ba tuƙi suke yi ba, su duhunta ɗaki. Wanda ke da ciwon nan na ƙwaƙwalwa mai kai mutum wani lokaci cikin baƙin ciki, wani lokaci cikin zumuɗi da rashin bukatar barci, kada ya sauya tsarin barcinsa ko ya sayi fitilar magani sai da sanin likitansa, don haske mai ƙarfi na iya tayar da zumuɗin.

Akwai kuma rashin barcin da ba na agogo ba ne. Ga yadda ake rarrabewa: mai matsalar agogo in an ƙyale shi ya kwanta a lokacinsa ya tashi a lokacinsa, barcinsa cikakke ne mai daɗi, lokacin ne kawai ya kauce. Amma wanda ko yaushe ya kwanta tunani ke hana shi, ko ciwo, ko yawan fitsari, ko mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ya wayi gari da ciwon kai, wannan rana ba za ta warkar da shi ba, asibiti zai je.

Roƙona na ƙarshe ga iyaye ne da malaman makarantun kwana. Agogon matasa yana yin latti da kansa daga balaga zuwa wajen shekara 20, sannan ya fara dawowa. Halitta ce, ba duka ne lalaci ba. Kafin a ɗauki bulala ko a yi wa yaro baki, a tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi in an ƙyale shi, a cire awa biyu, a fara fitar da shi waje bayan wannan lokacin, a ba shi mako biyu.